Me Ya Sa Wutar Sola Ke Raguwa A Lokacin Bazara?

Farantin sola haske yake ci, ba zafi ba. Idan silikon ɗin da ke cikinsa ya ɗumama sai ƙarfin bolt ya sauka. Amfiya tana ɗan ƙaruwa, amma ba ta cike giɓin, don haka wat ɗin da farantin ke bayarwa ke raguwa.

A takardar bayanan farantin, nemi layin da aka rubuta Temperature Coefficient of Pmax. Za ka ga lamba kamar -0.35%/°C, wato duk digiri ɗaya da farantin ya haura 25, zai yi asarar kashi 0.35 cikin ɗari na ƙarfinsa. A digiri 25 ɗin nan ne masana'anta suka auna wat ɗin da ke rubuce a bayansa.

Inda mutane ke kuskure shi ne, zafin farantin ake nufi, ba na gari ba. A Sakkwato cikin Afrilu, idan gari ya kai digiri 40, farantin da ke kan kwano yana iya kai 65. Bambanci ya zama digiri 40 ke nan. Ninka shi da 0.35, asara ta kama kashi 14. Faranti mai wat 400 zai dawo wajen 344, tun kafin a yi lissafin ƙura.

Shi ya sa manna faranti a jikin kwano ganganci ne. A bar tazara a ƙarƙashinsa iska ta riƙa ratsawa. Wajen saye kuma, mai -0.30 ya fi mai -0.40 jure rana.