Kawu, Mai Cin Faifai Za Ka Sayo

Da zarar kawu ya kira daga Birmingham ya ce zai aiko wa yara gem, gida ya ruɗe da murna. Uban da ya san kan abin kuwa zama yake ya rubuta wa ɗan'uwan nasa saƙo dalla-dalla, domin kalmar "PS5" kaɗai ba ta isa ba.

Lokacin da Sony ta fito da PS5 a Nuwamban 2020, iri biyu ta fitar: mai cin faifai, da kuma Digital Edition wanda ba shi da wurin sa faifai. Na biyun ya fi araha, shi ya sa hannun mai kyauta kan kai gare shi. A Birtaniya, inda intanet ɗin gida ba ya ƙarewa, babu laifi. A Kano kuwa, inda da yawa ke sayen data a waya, sauke wasa guda mai cin gigabayit gommai na iya lashe datar wata, in ma wuta ba ta ɗauke ana tsakiyar saukewa ba. Faifai ana aronsa, ana musanya da maƙwabci, ana samun na hannu a kasuwa, kuma akasarin faya-fayan PS4 suna aiki a kai. Don haka uban ke farawa da wannan:

"Yaya, don Allah ka duba kwalin, kada ka ɗauki wanda aka rubuta Digital Edition. Ka haɗa shi da intanet a can ya gama sabunta kansa kafin ka ba da saƙon. Hannu ɗaya ne a ciki, a ƙaro na biyu, ka san halin 'ya'yan naka."

Wannan hannu na biyu, mai suna DualSense, shi ne maganin faɗa, kuma tsohon hannun PS4 ba ya buga wasannin PS5.

Sai wasanni, inda iyaye suka fi tuntuɓe. Yara har yau "FIFA" suke cewa, alhali tun 2023 sunan ya koma EA Sports FC, ga kuma lambar shekara a gabansa. Su kuma za su roƙi GTA V. A nan uba ke tsayawa kai da fata, kuma yana da gaskiya: a kusurwar kowane kwali na Turai akwai lambar PEGI, 3, 7, 12, 16 ko 18, wato shekarun da suka dace. FC 24 na ɗauke da 3, GTA V na ɗauke da 18 saboda harbe-harbe da batsa. Kawun da ya san wannan lamba ba ya buƙatar sanin wasan.

Filogin Birtaniya mai ƙafa uku ya yi daidai da soket ɗin Najeriya. Wanda zai aiko daga Amurka, inda wuta take 120V, ya fara karanta abin da aka rubuta a jikin na'urar, ya tabbata ta kai 240V.