Newman Wanne? Wasiƙar da Marubuci Ke Aika wa Edita Idan Ya Jingina Aiki ga Wanda Ba Shi Ba

Duk wanda ya yi nazarin harshen Hausa a jami'a ya san sunan Newman. Abin da wasu ba su lura da shi ba shi ne Newman ɗin biyu ne, miji da mata, kuma kowannensu da aikinsa. Roxana Ma Newman ce ta wallafa ƙamusun Turanci zuwa Hausa mai suna An English-Hausa Dictionary a 1990. Paul Newman kuwa shi ya rubuta babban littafin nahawun Hausa na 2000, sannan ya fitar da A Hausa-English Dictionary a 2007. Duka ukun maɗaba'ar Jami'ar Yale ce ta buga su. Kafin nan, a 1977, su biyun sun haɗu sun shirya Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci.

To, a ce wata malamar jami'a ta rubuta maƙala a kan kalmomin aro, mujalla ta buga. A shafi na 47 ta kawo ma'anar wata kalma ta rubuta "Newman 1990". A jerin manazarta na ƙarshe kuma, maimakon "Newman, R. M." sai aka ga "Newman, P." Bayan wata uku wani ɗalibinta ya ɗauko ƙamusun daga laburare, ya buɗe bangon ciki, ya nuna mata: "Malama, ai wannan na Roxana ne." Harafi ne kawai ya sauya, amma an ɗauke aikin shekaru daga hannun mai shi an miƙa wa wani.

Wani zai ce ai abin bai taka kara ya karya ba, kuma ma gida ɗaya ne. Ni ban yarda ba. Kuskuren manazarta ba ya zama wuri ɗaya, yaɗuwa yake yi. A 2003 wasu masu bincike biyu daga Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjeles, Mikhail Simkin da Vwani Roychowdhury, sun bi sawun yadda ake ambaton wata fitacciyar maƙalar kimiyyar fiziks ta 1973. Sun tarar da kuskure iri ɗaya, a lambar shafi ko ta juzu'i, yana ta maimaituwa a rubuce-rubucen mutanen da ba su san juna ba. Daga nan suka ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke karanta abin da yake ambatowa, sauran kwafowa suke yi daga jerin wani. Ana iya ja da ƙiyasin, amma duk wanda ya taɓa duba kundin ɗalibi ya san halin. Idan malamar nan ta yi shiru, ɗalibin da zai rubuta kundi baɗi zai kwashi "Newman, P. 1990" yadda ya same shi, na bayansa ma haka. Malaman hadisi sun daɗe da sanin wannan: sunan mai ruwaya ɗaya in ya gurɓata a cikin isnadi, duk wanda ya karɓa daga wannan hanya ya gaji ɓarnar.

Kafin ta taɓa imel, akwai aikin da za ta fara yi, kuma nan ne yawancin mutane ke gaggawa. Sai ta riƙe littafin na asali a hannunta, ba jerin wani ba, ta ɗauki hoton shafin da ke ɗauke da sunan marubuciya da shekara. Sai ta buɗe shafin da ta ɗauko ma'anar ta tabbatar lallai tana nan. Wannan dubawa ta biyu ita ce ke bambance girman matsalar. Idan ma'anar tana cikin ƙamusun 1990, suna kawai aka kuskure, hujjar maƙalar na nan daram. Idan kuwa ta duba ba ta gan ta ba, ashe daga ƙamusun 2007 ta ɗauko, to shekara da littafin ne ba daidai ba, gyaran kuma daban ne. Mafi muni shi ne ta tarar babu ɗayansu da ya faɗi abin da ta jingina masa. A nan ba sunan mutum ne kaɗai ke bukatar gyara ba, jimlar da ta dogara da shi ma ta rasa madogara, kuma dole ta faɗa wa edita hakan ɓaro-ɓaro.

Sannan ta koma ga takardu biyu da ke cikin akwatin imel ɗinta: rubutun da ta aika wa mujalla, da samfurin ƙarshe da aka turo mata ta duba kafin bugu. Idan a nata rubutun "R. M." ne kuma a wurin tsara shafuka ya koma "P.", kuskuren na maɗaba'a ne. Idan tun daga hannunta ya fito haka, nata ne. Manyan maɗaba'u da yawa suna raba su a kan sanarwar gyara: Erratum idan laifin nasu ne, Corrigendum idan na marubuci ne, ko da yake wasu mujallun kalma ɗaya suke sa wa duka. Yadda irin wannan ke faruwa ba boyayye ba ne. Manhajojin tara manazarta irin su Zotero da Mendeley suna jawo bayanan littafi daga intanet, kuma in bayanin can ya zo a karkace haka za su zuba shi. Shi ya sa ƙa'idar rubutu ta APA ta ce idan marubuta biyu a jerinka suna da sunan mahaifi ɗaya, ka sa harafin farko na sunan kowannensu tun a cikin rubutu, ko da shekarun sun bambanta. Da malamar ta rubuta "R. M. Newman 1990" a shafi na 47, da wuya kuskuren ya tsallake idonta.

Idan maƙalar ta haɗin gwiwa ce, sai ta sanar da abokan rubutunta su amince tukuna, domin mujallu kan nemi yardar dukkan marubuta, kuma wanda aka rubuta a matsayin mai hulɗa da mujalla shi ya kamata ya aika saƙon. Ga yadda wasiƙar za ta iya kasancewa. A layin batu ta rubuta: Neman gyara a manazarta, sai taken maƙalar da lambarta ta DOI, wato lambar nan mai farawa da 10 da ɗigo wadda ke zama shaidar maƙala a intanet.

"Malam Edita, barka da aiki. Ina rubuto maka ne game da maƙalata da ta fito a juzu'i na 12, fitowa ta 2, shafi na 41 zuwa 58. Na gano kuskure a jerin manazarta a shafi na 57. An rubuta: Newman, P. 1990. An English-Hausa Dictionary. Daidai shi ne: Newman, R. M. 1990. An English-Hausa Dictionary. Haka kuma a shafi na 47, layi na 9, inda aka ce Newman 1990, ya kamata ya zama R. M. Newman 1990. Na duba rubutun da na aiko muku, kuskuren daga wurina yake. Na sake duba ƙamusun, ma'anar da na kawo tana nan yadda na kawo ta, saboda haka gyaran bai taɓa bayanai ko sakamakon maƙalar ba. Na haɗo hoton shafin farko na littafin da na shafin da na ambata. Ina roƙon a buga sanarwar gyara a haɗa ta da maƙalar. Na gode ƙwarai."

Wasiƙar gajera ce da gangan. Edita mutum ne mai tarin aiki, sau da yawa malami ne da ke yin editancin bayan ya gama da aji da taron sashe. Abin da zai sa ya amsa da wuri shi ne ya iya tabbatar da maganar cikin 'yan mintuna: ga abin da aka buga, ga daidai, ga shafi da layi, ga hoto. Dogon ban-haƙuri ko labarin yadda aka ɗauke wuta ranar da ake tsara manazarta ba ya ƙara masa komai. Jimlar da ta fi kowacce nauyi ita ce wadda ta ce gyaran bai taɓa sakamako ba, domin a kanta edita zai yanke hukunci. Jagororin COPE, kwamitin ɗa'ar wallafa da wasu editoci suka kafa a Birtaniya a 1997, sun ware janye maƙala ga inda sakamakon ya zama ba abin dogaro ba ko aka sami saɓa ɗa'a kamar satar rubutu. Kuskuren gaskiya a ƙaramin sashe gyara ake yi masa. Marubuta da dama suna ɓoye irin wannan don tsoron a ce an janye musu aiki, alhali abin ba haka yake tafiya ba. Amma fa kada a rubuta waccan jimla sai an tabbatar da ita.

Akwai wani wuri da ake tuntuɓe a mujallun likitanci da kimiyya, inda ake ambaton manazarta da lamba maimakon suna. Idan gyaran na bukatar a ƙara sabon littafi a tsakiya, duk lambobin da ke bayansa za su gusa, na 15 ya koma na 16, har ƙarshe. Ya fi kyau marubuci ya ba da shawarar a maye gurbin lambar da ke da matsala, ko a sa sabon a ƙarshen jeri, ya bar edita ya zaɓa.

Me zai biyo baya? Idan edita ya amince, za a buga gajeriyar sanarwa, yawanci da tata lambar DOI, wadda ke nuni ga maƙalar ta asali. Wasu mujallu suna gyara kwafin intanet su rubuta ranar da aka gyara, wasu kuma suna barinsa yadda yake su maƙala sanarwar kawai. Mujallun da ke amfani da alamar Crossmark, wadda hukumar Crossref ta ɓullo da ita a 2012, mai karatu na iya danna ta ya ga ko an yi wa maƙalar gyara, ko da daga fayil ɗin da ya sauke tun da daɗewa ne. Kwafin takarda da ya riga ya shiga laburare kuwa ba abin da zai canza shi. A mujallun sassan jami'o'inmu da ke fita a takarda kawai, sanarwar sai dai ta jira fitowa ta gaba.

Yana yiwuwa kuma edita ya ƙi. Mujallu da yawa ba sa buga sanarwa a kan kuskuren da bai hana a gano littafin ba, kamar waƙafi ko harafi a sunan gari. Jingina aiki ga wanda ba shi ya yi ba ya wuce wannan, kuma malamar na da hujjar sake rubutawa cikin ladabi ta nuna cewa haƙƙin wata ne ya salwanta. Idan an yi makonni ba amsa, ta tura tunatarwa a kan saƙon farko, ta sa ofishin mujallar a ciki. Kafin nan akwai abin da ke hannunta: ta gyara bayanin a manhajarta don kada ya sake bin ta zuwa maƙala ta gaba, ta sa bayanin gyaran a kwafin da ta ajiye a rumbun jami'arta, ta kuma sanar da ɗaliban da ta riga ta raba wa maƙalar.