Kwalba huɗu a daren Asabar: abin da giya ke yi wa tsoka, barci da kitse

Akwai mutanen da ba sa kusantar giya daga Litinin zuwa Alhamis. Suna motsa jiki, suna rage tuwo don tumbi ya sauka, sai ƙarshen mako su zauna da abokai su sha, suna ganin kwana ɗaya ko biyu ba za su ɓata aikin mako ba. Hukuncin giya a addini sananne ne. Abin da ba a cika bayani a kai ba shi ne yadda jiki ke wahala da irin wannan shan.

Mu ɗauki namiji mai nauyin kilo 70 da ya buga ƙwallo da yammacin Asabar, ya sha manyan kwalabe huɗu daga ƙarfe takwas zuwa sha biyun dare. Kowace kwalba mai santilita 60 da ƙarfin kashi 5 cikin ɗari tana ɗauke da kusan giram 24 na zallar barasa, wato ya zuba wa cikinsa kusan giram 95. Hanta kuwa ba ta iya sarrafa fiye da giram 7 zuwa 10 a awa guda, kuma wanka da ruwan sanyi ko shan shayi mai kauri ba sa ƙara mata sauri. Ke nan har hantsin Lahadi tana kan wannan aikin.

Gudu da ɗaga ƙarfe suna yi wa zaren tsoka ƙananan raunuka, jiki ya gyara su da furotin a awannin da ke biyo baya. A wannan gyaran ne ƙarfi ke ƙaruwa. A shekarar 2014 masana a Jami'ar RMIT da ke Melbourne a Ostireliya sun sa maza takwas motsa jiki mai tsanani, sannan suka ba su barasa giram 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsu, abin da ya ɗan ɗara kwalba huɗu ga mutuminmu. Ginin tsoka ya ragu da kashi 24 cikin ɗari ko da sun sha furotin tare da barasar, ya ragu da kashi 37 da aka ba su abinci mai ba da kuzari kawai. Don haka tsire ko gasasshen kifi a gefen kwalba yana rage asara, amma ba ya hana ta.

A ganina ɓarnar da ta fi girma tana wajen barci, domin nan ne giya ta fi yaudarar mai shanta. Yana kwanciya barci ya kwashe shi, sai ya ɗauka ta taimaka masa. A rabin farko na dare giya tana danne zangon barcin da ake mafarki a cikinsa, wanda ƙwaƙwalwa ke buƙata. Da barasa ta fara raguwa a jini wajen ƙarfe uku ko huɗu, sai barcin ya zama sama-sama: zuciya na bugawa da sauri, ga zufa, ga tashi fitsari, saboda barasa tana hana fitar sinadarin da ke sa ƙoda ta riƙe ruwa. Naman maƙogwaro ma yakan saki, munshari ya ƙaru, mai matsalar ɗaukewar numfashi a barci kuma abin ya tsananta masa. Alamar a bayyane take: ya yi awa takwas a kan gado, ya tashi baki a bushe, ƙafafu sun yi nauyi, ciwon jikin ƙwallo ya bi shi har Talata.

Batun kitse kuma, giram ɗaya na barasa yana da kalori 7, kusa da na mai da ke da 9. Jiki ba shi da ma'ajiyar barasa, dole ya ƙone ta kafin komai. Wani bincike da aka yi a California a 1999 ya nuna giram 24, wato kwalba ɗaya, ya rage ƙona kitse da kashi 73 cikin ɗari na wasu awanni. Kaɗan ne daga barasar kanta ke zama kitse; man tsiren da soyayyen dankalin da aka ci tare da ita su ne ake ajiyewa a tumbi.

Kwalba huɗu sun kai kalori 1,000. Wanda ya rage 300 kullum daga Litinin zuwa Juma'a ya tara 1,500. Idan ya sha daren Juma'a da na Asabar ya mayar da 2,000, ba a ma lissafa farfesun da ya raka su ba, balle cin da rashin barci ke jawowa washegari.

Yawan shan shi ne ke yanke girman illar. Kwalba ɗaya da abinci, awa huɗu kafin kwanciya, ba ta taɓa tsoka kamar huɗu, ko da yake tana iya taɓa barci. Wanda kuma hannunsa ke rawa da safe, ko ba ya iya barci sai ya sha, matsalarsa ta wuce ta tumbi. Ya ga likita, kada ya yanke shan lokaci guda shi kaɗai, domin hakan na iya jawo jijjiga mai haɗari.