Lissafin Ribar Hannun Jarin da Aka Saya a Farashi Daban-daban

Ribar da ake samu idan an sayar da hannun jari ita ce abin da ya rage bayan an cire uwar kuɗi daga kuɗin ciniki. Ba ita ce ribar da kamfani ke raba wa masu hannun jari a ƙarshen shekara ba, wannan tana da nata lissafin. Ga wanda ya sayi hannun jarin kamfani sau ɗaya, ya kuma sayar da shi gaba ɗaya, lissafin ba ya wuce ragi guda. Sai dai yawancin masu zuba jari ba haka suke saye ba. Ma'aikaci yakan sayi kaɗan bana, ya ƙara baɗi idan albashi ya yi rara, kuma kowane saye da farashinsa. Ranar da ya sayar da wani ɓangare, sai tambaya ta taso: wanne ya sayar daga ciki?

Hannun jari ba shi da tambari. A Najeriya, abin da mutum ya mallaka a kasuwar hannun jari ta NGX adadi ne kawai da ke rubuce a asusunsa na CSCS, kuma na bara da na bana ba su da bambanci a can. Kamar ɗan kasuwar Dawanau ne da ya sayi gero da kaka yana araha, ya ƙaro wani da bazara ya yi tsada, ya juye duka a rumbu ɗaya. Idan ya ɗebo buhu goma ya sayar, babu mai iya cewa ga na kaka ga na bazara. Dole a yi ƙa'idar da za a bi wajen cewa wanne ne ya fita, kuma wannan ƙa'idar ce ke yanke yawan ribar da za a rubuta.

Kafin a kai nan, akwai aikin farko, wato fitar da ainihin uwar kuɗin kowane rukunin saye. Farashin da aka gani a kasuwa ba shi kaɗai ba ne. La'adar dillali da sauran kuɗaɗen da kasuwa ke caja duk suna shiga cikin uwar kuɗi, kuma suna rubuce a takardar cinikin da dillali ke aikowa bayan kowane saye. Haka nan a wajen sayarwa, ana cire irin waɗannan kuɗaɗe daga kuɗin ciniki kafin a fara maganar riba.

A ɗauka wani malamin makaranta ya sayi hannun jarin kamfani ɗaya sau uku. A 2021 ya sayi guda 1,000 a kan naira 20, ya biya la'ada da caji naira 400, uwar kuɗi ta zama naira 20,400. A 2022 ya ƙara guda 2,000 a kan naira 26, caji naira 1,000, ta kama naira 53,000, wato kowane guda ya tsaya masa a naira 26 da kwabo 50. A 2024 ya sake sayen guda 1,000 a kan naira 38, caji naira 600, jimla naira 38,600. Yanzu yana da guda 4,000 da suka ci masa naira 112,000. Sai hidimar gini ta taso, ya sayar da guda 1,500 a kan naira 45. Ciniki ya kama naira 67,500, aka cire caji naira 1,500, naira 66,000 ta shiga hannunsa.

Hanya ta farko ita ce a ɗauka wanda ya riga shiga shi ya riga fita. A shafukan dillalai ana ganin ta da sunan FIFO. A nan sai a ce malam ya sayar da rukunin 2021 gaba ɗaya, guda 1,000 masu uwar kuɗi naira 20,400, sannan ya cike da guda 500 daga rukunin 2022, waɗanda suka kama naira 13,250. Uwar kuɗin abin da ya fita ta zama naira 33,650, kuma idan aka cire ta daga 66,000 riba ta tsaya a naira 32,350. Da yake galibi tsohon saye ya fi araha idan farashi na hawa, wannan hanya ce ke fitar da riba mafi yawa a irin wannan yanayi. Idan kuwa farashi ya daɗe yana sauka, akasin haka ake gani.

Hanya ta biyu ita ce ta rumbu ɗaya: a haɗe komai a fitar da matsakaicin farashi. Ana raba jimlar uwar kuɗi da jimlar hannun jari, wato 112,000 a raba da 4,000, sai a sami naira 28 kan kowane guda. Guda 1,500 sun kama naira 42,000, riba kuma naira 24,000. A nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Wasu sukan tara abin da guda ɗaya ya tsaya musu a rukuni ukun, har da caji, su raba da uku, su manta cewa rukunin tsakiya ya ninka sauran yawa. Da malam ya yi haka da zai sami naira 28 da kwabo 50. Kwabo 50 kamar ba komai ba ne, amma a guda 1,500 ya zama naira 750, kuma da a ce rukuni ɗaya guda 100 ne wani kuma 10,000, da kuskuren ya yi muni sosai. Kuma duk lokacin da aka ƙara sabon saye, sai an sake fitar da matsakaicin daga abin da ya rage a rumbun tare da sabon.

Hanya ta uku ita ce mai jari ya nuna da kansa rukunin da yake son a sayar. Idan malam ya ce a fara da mafi tsada, za a ɗauki rukunin 2024 duka, naira 38,600, a ƙara guda 500 na 2022, naira 13,250. Uwar kuɗi naira 51,850 ke nan, riba naira 14,150 kacal.

Ciniki ɗaya, kuɗin da ya shiga aljihu ɗaya, amma riba uku: 32,350, da 24,000, da 14,150. Mai karatu zai iya zaton akwai wata dabara ta ɓatar da riba a hanya ta uku. Babu. Abin da ba a cire yau ba yana nan yana jira a cikin guda 2,500 da suka rage. A hanyar farko, uwar kuɗin ragowar ita ce naira 78,350. A ta biyu naira 70,000. A ta uku naira 60,150, domin masu arahar ne aka bari a baya. A ce bayan shekara ɗaya malam ya sayar da ragowar duka ya karɓi naira 120,000 bayan caji. Ribarsa a wannan karon za ta zama 41,650, ko 50,000, ko 59,850. Duk hanyar da aka bi, idan aka haɗa ciniki biyun, jimlar riba naira 74,000 ce. Hanyar lissafi ba ta ƙara riba ba ta rage ta, shekarar da za ta bayyana kawai take sauyawa.

Wannan sauyin shekara kuwa yana da nauyi a wajen haraji, shi ya sa gwamnatoci ba su bar wa kowa ya yi yadda ya ga dama ba. A Amurka, idan mai jari bai ce komai ba ana bin FIFO, amma an yarda ya nuna rukunin da yake so, muddin ya sanar da dillali a lokacin cinikin, ba bayan wata shida da ya ga lissafi bai yi masa daɗi ba. A can ranar saye ma tana da tasiri, domin ribar abin da aka riƙe fiye da shekara ɗaya harajinta ya fi sauƙi. Kanada matsakaicin farashi take bi. Birtaniya ma rumbu ɗaya take amfani da shi, sai dai kafin a taɓa rumbun ana fara haɗa abin da aka sayar da abin da aka saya a rana ɗaya, sannan da abin da aka sake saya cikin kwana 30 bayan cinikin. An yi haka ne don toshe dabarar sayarwa yau a rubuta asara, a sake saye gobe. Indiya kuma FIFO take bi ga hannun jarin da ke asusun na'ura.

A Najeriya, dokar kuɗi ta 2021 ce ta dawo da haraji a kan ribar sayar da hannun jari, kashi 10 cikin 100, ga wanda cinikinsa ya kai naira miliyan 100 cikin wata 12. Dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta sauya ma'aunin: ana samun rangwame ne idan ciniki bai kai naira miliyan 150 ba, kuma riba ba ta wuce naira miliyan 10 ba cikin wata 12. Da irin cinikin malamin nan babu abin da zai biya. Amma a ninka alkalumansa sau 400 a ga abin da zai faru: ciniki naira miliyan 27, riba ta hanyar FIFO miliyan 12 da dubu 940, ta hanyar matsakaici miliyan 9 da dubu 600. Ɗaya ta haye iyaka, ɗaya ba ta kai ba. Mai jari irin wannan yana bukatar hanyar da hukumar haraji ta amince da ita, ya kuma tsaya a kanta. Wanda ya bi FIFO bana, baɗi ya koma matsakaicin dukan sayensa na asali, zai cire wata uwar kuɗin sau biyu ko ya bar wata ba a cire ba.

Kyautar hannun jari, wadda 'yan kasuwa ke kira bonas, ita ma takan rikita lissafi. Idan kamfani ya ba da guda ɗaya a kan kowane huɗu, guda 4,000 na malam sun zama 5,000, alhali bai ƙara ko kwabo ba. A tsarin Birtaniya da Amurka uwar kuɗi tana nan a naira 112,000, sai dai a baza ta a kan guda 5,000, matsakaici ya sauko zuwa naira 22 da kwabo 40. Wanda ya ci gaba da lissafi da naira 28 zai ƙirƙiro wa kansa uwar kuɗin naira 140,000 da bai taɓa biya ba. Sabon hannun jarin da kamfani ke tayawa tsofaffin masu jari a farashi mai rahusa daban ne, tun da an biya kuɗi a kansa, don haka kuɗinsa na ƙaruwa a kan uwar kuɗi.

Akwai gwaji mai sauƙi na gane ko lissafi ya karkace. A tara uwar kuɗin duk abin da aka riga aka sayar da uwar kuɗin abin da ya rage a hannu. Dole jimlar ta yi daidai da duk abin da aka taɓa biya bisa takardun dillali. A misalin nan, 33,650 da 78,350 sun ba da 112,000. Haka adadin da ya rage a littafin mai jari ya kamata ya yi daidai da wanda ke takardar CSCS. Idan kuɗi ya yi daidai amma adadi bai yi ba, galibi bonas ne aka manta ba a rubuta ba. Idan adadi ya yi daidai kuɗi bai yi ba, sai a koma kan takardun ciniki ɗaya bayan ɗaya, domin mafi yawan lokuta la'ada ce aka tsallake a wani saye.