Kafin ka biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa

Ranar da ɗan kwangila ya miƙa makulli, yakan haɗa da takarda guda mai nuna jimlar aiki, abin da aka biya shi da abin da ya rage. Ita ce takardar lissafin ƙarshe, kuma da zarar mai gini ya sa mata hannu, da wuya a sake tayar da maganar. Masu gina gida a Jos, da kwamitocin masallatai da makarantu, da yawansu layin ƙarshe kawai suke dubawa, alhali kuɗin yakan zube ne a layukan da ke samansa.

Mu ɗauki misali. An ba da kwangilar gida a Rayfield kan naira miliyan 40. A cikin wannan jimla akwai miliyan 3 da aka ware a matsayin kuɗin ƙiyasi na fasa dutse. Dalilin ware shi sananne ne ga duk wanda ya taɓa haƙa harsashi a Filato: sai an sa diga a ƙasa ake sanin ko jar ƙasa ce, ko falalen dutse, ko kuwa cikon tsohon ramin kuza. Tunda ba a san yawan aikin ba lokacin sa hannu, sai a ajiye adadi na wucin gadi. Wannan kuɗi ba na ɗan kwangila ba ne tukuna, na mai gini ne har sai an auna abin da aka yi. Ƙa'idar ita ce a cire miliyan 3 ɗin gaba ɗaya, sannan a mayar da ainihin abin da aikin ya ci. A ce an fasa kubik mita 120 kan naira 15,000 kowace, ya kama miliyan 1.8. Jimla ta sauko zuwa miliyan 38.8 ke nan.

A nan ake yawan cin mutane. Sai ka ga an bar miliyan 40 yadda take, an ɗora miliyan 1.8 a kanta da sunan ƙarin aiki, an biya dutse ɗaya sau biyu. Gane wannan ba wuya: duk kuɗin ƙiyasin da ke cikin takardar farashi ta asali dole ya bayyana a lissafin ƙarshe a layin ragi. Idan babu shi, a tambaya. Kuma awon dutse sai an yi shi kafin a zuba kankare, a gaban wakilin mai gini, domin bayan an rufe rami ba sauran shaida sai bakin ɗan kwangila.

Sauyin aiki ma fuska biyu gare shi. Mai gida ya fasa kwanon da aka shirya na miliyan 2.5, ya zaɓi na miliyan 4. Ƙarin miliyan 1.5 ne, ba 4 ba, domin kuɗin tsohon kwanon yana cikin kwangila tun farko. Ya kuma soke katanga ta miliyan 2, wadda ita ma za a cire. Yanzu muna kan miliyan 38.3. Sauyin da ake lissafawa shi ne wanda aka ba da umarninsa a rubuce da farashinsa. “Alhaji ya ce a ƙara” da aka faɗa a tsaye a bakin gini ya raba abokai da yawa, kuma sau tari ɗan kwangilar ne ke asara.

Sai abin da ake zaftarewa. Yarjejeniya ta ce tarar jinkiri naira 100,000 ce a mako, aiki ya makara mako huɗu ba tare da an ƙara wa'adi ba, an cire 400,000. An riga an biya miliyan 34, har da kuɗin kafin alƙalami, wanda mantuwa kan ci idan ba a rubuta ba. Abin da ya rage miliyan 3.9 ne. Takardar da ta ɗora ƙari ta manta ragi za ta nuna miliyan 45.8, ta nemi cikon miliyan 11.8. Bambancin miliyan 7.9 ne, kuma babu adadi ko ɗaya na ƙarya a cikinta, layuka huɗu ne kawai aka tsallake. A duba kuma harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a 2020: in yana cikin jimlar asali, kada a sake ɗora shi.

Ko miliyan 3.9 ɗin ba a biyanta duka nan take. Yawancin yarjejeniyoyi kan riƙe kashi 5 cikin ɗari na jimlar aiki, a nan naira 1,915,000 daga miliyan 38.3, har wa'adin gyaran aibu ya cika, galibi wata shida, wasu kuma kan saki rabi ranar miƙa gini. A ganina wata shida sun yi wa Jos kaɗan idan an karɓi gini a Nuwamba, domin wa'adin zai ƙare a Mayu, damina na farawa, kafin ruwan Yuli da Agusta ya tona asirin rufi da magudanai. Gara tun wajen rubuta yarjejeniya a sa wa'adin ya haɗa da damina guda cikakkiya. Kafin sa hannu kuma, a kai takardar wurin masanin ƙididdigar gini mai rajista wanda ba yaron ɗan kwangila ba, tare da takardar farashi ta asali, umarnin sauye-sauye, awon dutse da rasitan banki.