Ƙwazo ko Sakamako: Da Wanne Za A Auna Ma'aikaci?

Duk manomin da ya taɓa sa 'yan ƙwadago a gonar rake ko ta masara a ƙasar Karaye da Rogo ya san hanyoyi biyu na biyan aiki. Akwai aikin yini, inda ake biyan mutum kuɗin lokacin da ya ɓata a gona. Akwai kuma jinga, inda ake yanka masa fili a tsadance, ya gama ya karɓi kuɗinsa. Mai aikin yini yakan ja jiki idan mai gona ya ba da baya. Ɗan jinga kuwa sauri yake yi, ya rufe ciyawa da ƙasa ya wuce, sai bayan kwana huɗu ta sake tsirowa. Kowace hanya da irin ha'incin da take haifarwa. Wannan matsala ce ke fuskantar shugaban asibiti da mai shago da hedimasta idan lokacin auna ma'aikata ya zo: a duba wahalar da mutum ya sha, ko a duba abin da aikinsa ya haifar?

Amsar ba ɗaya ba ce ga kowane aiki. Kafin a zaɓi ma'auni, tambayoyi uku ya kamata a yi. Shin sakamakon yana hannun ma'aikacin, ko wasu abubuwa ne ke juya shi? Shin ana ganinsa da wuri, ko sai an daɗe? Shin ana iya ƙirƙirar sa ba tare da an yi aikin ba? Gwargwadon yadda sakamako yake hannun mutum, yake bayyana da wuri, kuma yake da wuyar yi wa maguɗi, gwargwadon yadda ya cancanci a dogara da shi ke nan. Inda waɗannan suka yi rauni, dole a koma duba yadda ake yin aikin.

Mai shara da goge-goge shi ne mafi sauƙin aunawa da sakamako. Ɗakin haihuwa a ƙaramin asibiti ko dai yana da tsabta ko ba shi da ita, kuma ana ganin haka nan take. Duk da haka, abin da aka fi yi shi ne a duba rajistar zuwa aiki, sannan a yabi wanda kullum ake gani da tsintsiya a bakin ƙofa. Wannan shi ke renon aikin ganin ido: farfajiya fes, ƙarƙashin gado kuwa ba a taɓa ba. Hanyar da ta fi ita ce a rubuta wurare goma da za a riƙa dubawa, kamar mariƙin ƙofa, ƙarfen gado, bakin famfo, bayan gida da kwandon shara, a duba su ba tare da sanarwa ba, a ƙidaya nawa aka samu da tsabta. Sharaɗi biyu ne kawai. Na farko, a duba jim kaɗan bayan an gama aikin, domin wanda ya share da asuba ba shi da laifin dattin da jama'a suka kawo da azahar ranar kasuwa. Na biyu, a tabbatar an ba shi ruwa da sabulu da safar hannu. Idan rijiyar burtsatse ta lalace mako guda, ƙazantar bayan gida ba ta nuna lalacin kowa sai na wanda bai gyara rijiyar ba.

Mai sayar da kaya yana tsakiya. Cinikinsa a lissafe yake, shi ya sa tun da can ake biyan dillali la'ada a kan abin da ya sayar, ba a kan zufar da ya yi ba. Amma yawan ciniki kaɗai yana yaudara. Mu ɗauka wani ɗan kasuwa yana da yara biyu masu sayar masa da takin zamani. Ɗaya yana zaune a shago cikin garin Karaye, ya sayar da buhu 200 a farkon damina, amma buhu 60 daga ciki bashi ne da ba a biya ba har kaka ta wuce. Ɗayan yana bin ƙauyukan Rogo a kan babur, ya sayar da buhu 120, duk kuɗi hannu, kuma ya samo sababbin abokan ciniki. A takarda na farko ya yi nisa. A aljihun maigida kuwa tazarar ita ce 140 da 120, sannan na farko yana zaune ne inda masu saye ke zuwa da ƙafarsu. Adalci shi ne a biya la'ada a kan kuɗin da ya shigo, a kwatanta kowa da cinikin yankinsa na bara a irin wannan lokaci, a kuma duba kayan da aka dawo da su.

Idan aka matsa wa mai sayarwa da adadin da ba zai kai ba, zai kai shi ta haramtacciyar hanya. A 2016 hukumomin Amurka sun ci bankin Wells Fargo tarar dala miliyan 185, bayan an gano ma'aikatansa sun buɗe asusu kusan miliyan 2 ba da sanin masu su ba, don su cika adadin da aka ɗora musu. Bankin ya kori ma'aikata kimanin 5,300 a kan haka. Alamomin irin wannan a shago ba su da wuyar ganewa: ciniki ya yi tsalle a ƙarshen wata, bashi ya yi yawa, manoma su fara ƙorafin an tallata musu maganin feshin da ba su buƙata.

Malamin makaranta shi ne mai wuyar sha'ani, domin duk tambayoyin nan uku suna ba da amsa mai rauni a kansa. Abin da yaro ya iya ya dogara da gidansu, da abin da ya ci, da yawan 'yan aji, da kwanakin da ya yi a gona maimakon makaranta. Amfanin koyarwa kuma yakan ɗauki shekaru kafin ya fito. Ga shi makin jarrabawa ana iya ƙirƙirar sa.

A aikin gwamnati an daɗe ana amfani da fom ɗin APER na ƙarshen shekara, inda ma'aikaci ke cike nasa ɓangare, shugabansa ya ba shi maki a kan abubuwa irin su zuwa aiki a kan lokaci da ɗa'a da himma. Rauninsa sananne ne: shugaba ba ya son ya zama sanadin hana wani ƙarin girma, balle a ƙaramin gari inda ake haɗuwa a masallaci da wurin suna, sai kusan kowa ya tashi da maki mai kyau. Ma'aunin da kowa ke cinyewa ba ya bambance kowa. A ɗaya gefen kuma iyaye na auna makarantar sakandare da yawan ɗaliban da suka ci jarrabawar ƙwalifayin ta jihar Kano, wadda gwamnati ke dubawa wajen biyan kuɗin NECO. Wannan ma ba ya faɗin wane malami ne ya yi aiki.

Bari mu bi misali ɗaya a tsanake. Mu ɗauka malamai biyu ne na aji uku a firamare. A farkon shekara aka gwada kowane yaro da ɗan gajeren labari na Hausa, aka sake gwadawa a ƙarshe. Malamin farko yana cikin gari da yara 50. Da aka fara, 30 sun iya karantawa, da aka gama suka zama 38. Malama ta biyu tana ƙauye da yara 80. Da aka fara, 8 ne suka iya, da aka gama suka zama 28.

Wanda ya duba ƙarshe kaɗai zai ce malamin gari ya samu kashi 76 cikin ɗari, malamar ƙauye kashi 35, sai ya yabi na farko ya tuhumi ta biyu. Wanda ya duba daga inda aka taso zai ga malamin ya ƙara yara 8, malamar ta ƙara 20, sai hukunci ya juye. Amma ko nan ba a gama ba. Malamin yara 20 ne kawai suka rage masa da ba su iya ba, ya fitar da 8, wato kashi 40 cikin ɗari. Malamar tana da 72, ta fitar da 20, wato kusan kashi 28. Ƙari a kan haka, yaran da suka rage a ajin da ya yi nisa galibi su ne mafi wuyar koyarwa. Abin lura a nan shi ne lissafi uku sun ba da hukunci mabambanta a kan mutum biyu. Don haka ba a kwatanta ajin gari da na ƙauye. A kwatanta malama da takwarorinta masu irin yawan yaranta da irin mafarinta, kuma kada a yanke hukunci a kan shekara guda.

Gwajin kansa yana da sharuɗɗa. Wani malami daga wata makaranta ne zai yi shi, ba mai ajin ba. Yaran da aka gwada a farko su za a nema a ƙarshe, da sunayensu. Idan ranar gwaji aka ga masu rauni duk ba su zo ba, ko yara suna rera labarin da ka amma sun kasa karanta wani sabo mai irin kalmominsa, to an san abin da ya faru. A birnin Atlanta na Amurka, inda aka ɗaura lada da horo a kan makin ɗalibai, binciken 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 da hannu a gyara amsoshi, kuma a 2015 kotu ta samu 11 da laifi.

Ke nan a koma auna ƙwazo? E, amma ƙwazon da ake iya tabbatarwa, ba wanda shugaba ke ji a ransa ba. A yankin Udaipur na Indiya, ƙungiyar Seva Mandir ta ba malaman ƙauye kyamara su ɗauki hoto da ɗalibai a farko da ƙarshen yini, aka ɗaura albashi a kan kwanakin zuwa. Fashin malamai ya sauka daga kashi 42 cikin ɗari zuwa 21, kuma karatun yara ya ƙaru. Ba sai da kyamara ba. Jami'in sa ido na hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma zai iya zuwa ba zato, ya ga ko malami yana cikin aji ko yana gindin bishiya, ya ɗauki littattafan yara biyar ya ga ranar da aka duba su ta ƙarshe, ya zauna darasi guda ya ga ko ana tambayar na bayan aji. Littafin tsara darasi mai kyawun rubutu ba hujja ba ne, domin ana iya kwafe shi dare ɗaya.

Hukuncin dai shi ne: mai shara a auna shi da tsabtar wuri bayan an ba shi kayan aiki. Mai sayarwa a auna shi da kuɗin da ya shigo da kuma yanayin yankinsa. Malami a fi ba da nauyi ga zuwansa aji da yadda yake koyarwa, sannan a haɗa da ci gaban yaransa daga inda ya karɓe su. Kira ga shugabannin makarantu da na asibitoci da 'yan kasuwar Karaye da Rogo shi ne su sanar da ma'aikaci ma'aunin tun farkon shekara, su rubuta inda ya fara, kuma kada su tuhume shi a kan abin da ba ya hannunsa. Allah Ya ba mu ikon yin adalci ga waɗanda ke ƙarƙashinmu.