Shayi Mai Kauri da Faɗuwar Gaba: Yadda Ake Ragewa

Uwargida, da sanyin hunturun Zariya, teburan masu shayi a Tudun Jukun ba sa rabo da jama'a, a gida ma filas a cike yake. Amma idan hannunki na karkarwa, gabanki na faɗuwa, barci ya ƙaurace, ki duba kofinki.

Sinadarin kafin da ke cikin shayi, kofi, goro da lemon ƙara kuzari yana sa zuciya bugawa da sauri. Awa 5 bayan sha, kusan rabinsa na nan a jiki.

Kada ki daina lokaci guda, ciwon kai zai biyo baya. Mai shan kofi 4 ta koma 3 tsawon mako guda, sannan 2. Ki fara da ajiye na bayan La'asar, ki riƙa cire ganyen bayan minti 1. Idan faɗuwar gaban ta ci gaba, ki je asibiti.